Albasar da Muka Kifa wa Ƙwarya

Shekarar da na fara koyarwa aka tura ni wata firamare a ƙasar Ngaski, a wani ƙauye da ke bakin tafki. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, duk takardar da za ta zo mana daga can take tasowa, kafin ta iso hannunmu ta sha hanya ta yi laushi kamar ganyen rama. Na tafi da akwati ɗaya, rabinsa tufafi, rabinsa ƙananan littattafan soyayya da nake samu wurin wani mai tebur a kasuwar Yelwa. Inna ta ɗaga akwatin ta ji nauyinsa, ta ce ko duwatsun murhu zan kai musu. Ban gaya mata cewa a ƙasan littattafan akwai nawa ba, wanda nake rubutawa da biro a littafin makaranta mai shafi sittin. Babu abin da nake so a duniya kamar in ga maganata an buga ta a takarda, wani da bai san ni ba ya karanta.

A zangon rani hedimastanmu ya dawo daga taro a Yelwa da labari. Dattijo ne siriri, kullum da jan biro a aljihun gaba, kuma shi ne ya fi kowa sanin kimiyya a makarantun yankin. Ya ce malamai sun yi shawarar haɗa ɗan ƙamus na kalmomin kimiyya da Hausa, saboda yara suna haddace su ba su san abin da suke faɗa ba. An raba kalmomin makaranta makaranta. Kowace kalma bayaninta kada ya wuce layi shida, kuma a sa misali ɗaya mai sauƙi. Akawu zai buga a sitensil, wato takardar da ake fitar da kwafi da ita, a gurza a inji, a raba wa makarantun Yawuri da Ngaski da Shanga. Ya ce sitensil ɗin ba yawa, abin da aka buga ya bugu. Sai ya zaro 'yar takarda ya miƙo mini. Kalma ɗaya ce a kai: fotosintesis.

Na san kalmar tun a kwalejin horon malamai, na kuma ci ta a jarrabawa. Amma ranar ban ga jarrabawa ba, injin gurza takarda na gani yana juyawa da maganata a ciki. Na zauna a gindin ɗorawar da ke bayan aji bayan an tashi, na rubuta shafi guda cur. Na ce ganye masoyi ne da ya kwana yana jiran fitowar rana. Na ce idan ta leƙo sai ya buɗe ƙirjinsa, ta shafe shi da hasken fuskarta, daga wannan haɗuwa ake haifar zaƙi. Har hawaye na sa wa raɓa. Da na karanta wa kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Hedimasta ya karanta a tsaye, bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Ya tambaye ni ko an riga an kai kayan gaisuwa gidan su rana. Sannan ya ciro jan biro ya ja layi daga sama har ƙasa.

"Malama, yaron da ubansa ke jan taru za ki gaya wa wannan? Ki gaya masa abin da ke shiga ganye, da abin da ke fita, da inda zai je ya gani da idonsa."

Na koma na matse shi ya dawo layi shida. Na rubuta cewa tsiro yana haɗa abincinsa da hasken rana, na sa misali: ka sami tsiro biyu, ka kifa wa ɗaya ƙwarya, za ka ga wanda ke rana ya girma, wanda ke duhu ya tsaya cik. Ban taɓa gwadawa ba. Abin ya yi mini kama da gaskiya, kuma jimlar ta zauna daidai a kunne. Hedimasta ya ce wannan ya fi, amma yana da sharaɗi: ba zai kai wa akawu misalin da ba a gwada a makarantarsa ba. Ranar Juma'a ta mako na uku zai shiga kwalekwale ya kama mota zuwa Yelwa. Idan misalina ya tabbata, nawa zai kai. Idan bai tabbata ba, zai fassara na littafin Turanci da kansa ya kai, ba zai tsaya jirana ba.

Na gaya wa 'yan aji shida su kawo abin shukawa. Ni wake nake nufi, amma ban faɗa ba, su kuwa a garin nan in ka ce abin shukawa albasa ka ce. Mutanen ƙauyen yawancinsu daga tsibiran kogi aka taso su lokacin da aka yi madatsa aka tare ruwa, suka taho da kwalekwalensu da noman albasarsu. Washegari teburina ya cika da albasa. Muka zaɓi biyu masu kai ɗaya, muka dasa a tukwane biyu, muka ajiye a bayan aji, muka kifa wa ɗaya babbar ƙwarya. Na sa doka: ruwa ta gefe za a zuba, kada wanda ya ɗaga sai na ce.

Akwai wata yarinya a ajin, doguwa, mai tsagar gado a kumatu, ita ce mai kula da tulun ruwa. Tun ranar dashen ta tsaya tana kallona kamar tana da magana, sai ta haɗiye. Na ɗauka kunya ce.

Muka bar su kwana goma sha biyu. Ta rana ta fito da lawashi, wato ganyen albasa, kore shar, gajere, a tsaye kamar mashi. Ranar buɗewa na gayyato hedimasta, na yi wa yara jawabi a kan duhu da haske wanda ya fi ƙarfin abin da ake ciki. Sannan na sa hannu na ɗaga ƙwarya.

Abin da ke ƙasa bai tsaya cik ba. Ganyensa ya fi na ranar tsawo nesa, ya kai rufin ƙwarya ya lanƙwaso ya naɗe, fari-fari da ruwan ɗorawa, kamar gashin tsohuwa. Sai wani yaro daga baya ya ce ashe duhu ya fi taki, dariya ta ɓarke. Hedimasta ya duƙa ya daɗe yana dubawa. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce mini a hankali saura kwana huɗu, ya koma ofis. Na tabbata ya san dalili. Bai faɗa ba, ni kuma girman kai bai bar ni na bi shi na tambaya ba.

Da aka tashi na zauna kusa da tukwanen. Kunya tana nan, amma akwai abin da ya fi ta. Ina ta kallon farin ganyen nan ina tambayar kaina da me ya yi wannan tsawo, shi da bai taɓa ganin rana ba. Sai ga yarinyar nan ta dawo ɗaukar tulu. Ta ce tun farko ta san haka za a yi, domin albasar kakanta tana tsira a rumbu inda ko hannunka ba ka gani. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ai ni ce malama. Ta ƙara da cewa idan ina so in je in ga kakan, yana lambu kullum bayan la'asar.

Lambun yana gangare, inda ruwan tafki ya ja baya ya bar ƙasa baƙa mai laushi. Fangali fangali ne jere har bakin ruwa, mutane suna ɗebo ruwa da ƙwarya suna watsawa, kowace watsawa rana ta kama ta a sama ta yi walƙiya kafin ta sauka. Tsohon yana tsugune yana cire ciyawa, ƙafafunsa sun yi fari da laka. Hausarsa tana da gishirin wani harshe a ƙarƙashi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba na zo da tambaya. Jikar ta riga ta ba shi labari, domin tun kafin in gama ya fara murmushi, ya ce ashe boko ma yana zuwa lambu neman sani.

Bai ba ni amsa da baki ba. Ya kai ni 'yar rumfar da yake ajiya, ya laluba can ƙurya ya zaro albasa guda da ta tsira, da farin ganye dogo irin namu. Ya sa mini a tafin hannu ya ce in matsa. Na matsa, ta lotsa kamar tsumma. Ba nauyi, ɓawo ne a kan ɓawo.

"Kin gani, ɗiyata? Wagga ba girma ta yi ba. Kanta ta ci. Guzurin da ta tara bara shi ta kwashe ta yi tsawo da shi, tana neman ƙofa. In ta samu haske ta tsira, in ba ta samu ba ta ƙare."

Na tsaya da albasar a hannu. Tana neman ƙofa. Duk littattafan da ke akwatina babu wanda ya taɓa faɗa mini magana irin wannan, ga shi mai faɗar ko kallona ba ya yi, yana kakkaɓe laka daga yatsunsa.

Na ce to guzurin daga ina ta samo shi tun farko. Ya ce in biyo shi. Ya nuna mini fangali biyu maƙwabta. Ya ce iri ɗaya ne, rana ɗaya aka dasa, taki ɗaya, hannu ɗaya ke ba su ruwa. Amma na hagun awakin maƙwabcinsa sun shiga sun kwashe lawashin tun yana ƙarami, ya sake tohowa suka sake dawowa. Ya tsaya nan ya yi wa awakin da mai su addu'ar da ba zan rubuta ba. Sannan ya tumɓuke ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Ta daman ta cika hannu. Ta hagun ba ta fi ƙwan tantabara ba. Ya ce shi ya sa a gidansa ba macen da ke yankar lawashi don miya ko don a busar a yi gabu sai albasa ta ƙosa ganyen ya kwanta da kansa. Wadda ta yi gaggawar miya ta cinye kan albasa tun bai zo ba. Ya kuma nuna mini bakin lambun inda inuwar mangwaro ke faɗawa, ya ce can ma kawunan ba sa cika, ko ka juye musu takin duniya.

A nan ne abin da na haddace a kwaleji ya taso mini, kalma bayan kalma, kamar mutanen da na daɗe da sanin sunayensu yau na ga fuskokinsu. Saiwa tana jawo ruwa. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga. Koren da ke cikin ganyen shi ke kama hasken rana, da ƙarfin hasken ake haɗa ruwan da iskar su zama sukari. Sukarin ya gangara gindin ganye ya taru, gindin ya kumbura, shi ne kan albasa. Na faɗa wa tsohon haka. Zancen ruwa da rana ya yarda nan take. Da na zo kan iska ya kalle ni ta gefen ido, ya ce wato shekara da shekaru iska yake lodawa a kwalekwale yana kai wa mutanen Yelwa suna saye. Jikar ta tuntsire da dariya. Na ce Baba da iska da ruwa, ƙasa kuwa ɗan gishirinta take bayarwa, kamar kanwa a miya, dole ne amma ba ita ce miyar ba.

Tsohon ya juya. Ya dubi wani fangali na can sama, wanda ya ce ruwan tafki ba ya hawa kansa balle ya kawo masa sabuwar ƙasa. Ya ce tun da aka taso su yake noma wurin, abin da ya kwasa a ciki ba ya lissaftuwa, kuma ya sha tunanin cewa da ƙasa albasa take ci, da yanzu wurin ya zama rijiya. Ya ce bai ce ya yarda ba, amma zai kwana da maganar.

Na hau gangaren nan zan koma, rana ta yi ƙasa tana haskowa ta bayan lambu. Na waiwaya. Duk lawashin ya kama haske, kowane ganye kamar an kunna fitila a cikinsa, tun daga ƙafata har bakin ruwa. Na san a wannan lokacin, ba ƙara ba hayaƙi, kowane ɗaya yana shan iskar da ni da tsohon da awakin maƙwabci muka fitar, yana mayar mana da wadda za mu shaƙa. Ɗorawar bayan aji haka, shinkafar fadama haka, har ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa inda haske ke kaiwa. Tuwon da na ci da rana ta nan ya biyo. Na ce Subhanallahi, na tsaya ina kallo. Na taɓa rubuta cewa ganye yana buɗe wa rana ƙirji, ina ganin na kai ƙarshen ƙawa, ashe abin da ke faruwa a fangalin albasa ya fi abin da na ƙaga ban mamaki, ni ce ban taɓa tsayawa na duba ba.

Kwana biyu ina fama da layi shida. Da na rubuta sai kalmomin ado su lallaɓo su shigo, in kore su. Na so ƙwarai in sa maganar neman ƙofa, na sa na cire ya fi sau biyar. Ranar Alhamis na kai 'yan aji shida lambun, da izinin tsohon kowa ya riƙa albasar dama da ta hagu a hannunsa. Hedimasta ya biyo mu a baya da lemarsa, ya tsaya suka gaisa da tsohon kamar tsofaffin abokai, abin da ya sa na fara zargin wani abu. Da muka dawo na miƙa masa takardata. Ga abin da ke ciki:

"Fotosintesis: yadda koren ganye yake haɗa wa tsiro abinci. Saiwa tana jawo ruwa daga ƙasa, ganye yana shaƙar iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Da ƙarfin hasken rana ganyen yake haɗa su su zama sukari, ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Misali: kan albasa abinci ne da lawashi ya haɗa a rana ya tara. Idan awaki suka yi ta cinye lawashin, kan ba zai yi girma ba, ko an ba shi ruwa da taki."

Ya karanta sau biyu. Ya ciro jan biro. Ya ƙidaya layukan da bakin biron, ya ce shida da rabi ne, amma akawun yana da ƙananan haruffa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu tare da biron. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko tun farko ya san abin da zai faru a ƙarƙashin ƙwarya.

"Na sani mana. In na gaya miki, da kin gyara jimla ɗaya kin kawo mini. Ba ki je lambu ba."

Ƙwaryar kuwa mun mayar mun kifa, don yara suka ce a bari a ga ƙarshenta. Bayan wasu makonni muka ɗaga, farin ganyen ya zube ya yi yauƙi, kan ya zama fanko. Ta ranar tana nan koriya, har ta fara fitar da sandar fure. Wanda ya ce duhu ya fi taki shi aka sa ya zubar da tukunyar.

Ƙamus ɗin bai iso ba sai da damina ta kusa. Takarda ce mai kaushi, an ɗinke ta da waya biyu, tawada ta yi yawa a wasu shafukan ta yi kaɗan a wasu. Na buɗe wajen harafin fa. Yana nan, layi shida cif, wasali ɗaya a cikin kalmar lawashi ya toshe da tawada. Babu sunana a ƙasa, babu sunan kowa. Na kai shafin hanci na shaƙi warin inji, na karanta shi a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Da yamma na ɗauki kwafi ɗaya na gangara lambu. An riga an cire albasa, fangalin duk sun zama fili, tsohon yana gyaran taru a inuwar mangwaro. Jikarsa ta karanta masa da ƙarfi. Da ta zo kan awaki ya ce a sake wannan wurin. Ta sake. Ya ce to madalla, yanzu duk ƙasar Yawuri ta san abin da awakin mutumin nan suka yi masa, saura a kai wa mai su ya ji. Na tambaye shi zancen iska fa, ya kwana da shi? Ya ci gaba da ɗaurin tarunsa, ya ce yana nan yana kwana da shi.

Da na je hutu Yelwa na nuna wa Inna. Ba ta karatun boko, sai ta sa na karanta mata tana yanka albasar miya. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗaga rabin da ke hannunta ta duba zoben da ke ciki, ɗaya a cikin ɗaya har tsakiya. Ta ce in sake karanta mata wurin da aka ce rana.